Lauje a Cikin Hoto: Yadda Ake Karanta Jinin da Aka Shimfiɗa a Gilashi

A watan Disamba na shekarar 1904 aka kwantar da wani saurayi ɗan shekara 20 a wani asibiti da ke birnin Shikago na Amurka. Sunansa Walter Clement Noel, mutumin tsibirin Girenada, ya je can karatun likitan haƙori. Tari da zazzaɓi da kasala suka kai shi gadon asibiti. Wani ƙaramin likita mai suna Ernest Irons ya ɗiga jininsa a gilashi, ya shimfiɗa, ya leƙa ta madubin likita, sai ya ga abin da bai taɓa gani a littafi ba: cikin jajayen ƙwayoyin jinin akwai waɗansu dogaye, sirara, masu lanƙwasa da tsini. Maigidansa James Herrick ne ya buga rahoton a 1910, tare da hotunan gilashin. Waɗannan hotuna su suka fara nuna wa likitocin duniya cutar da iyayenmu suka daɗe da sani da sunan amosanin jini, wadda yanzu kowa ke kira sikila.

A zamanin Herrick ɗaukar irin wannan hoto aiki ne na musamman. Yau kuwa duk ma'aikacin ɗakin gwaji mai waya a aljihu zai iya kara idon kyamara a kan idon madubi, ya danna, cikin daƙiƙa biyu hoton ya isa wurin wani ƙwararre a Kano ko Zariya ko Yamai, da ɗan gajeren saƙo a ƙarƙashinsa: "Ranka ya daɗe, a duba mana wannan." Wannan ci gaba ne na gaske ga asibitin karkara da ba shi da likitan jini. Sai dai hoton yana da iyakarsa, kuma yawancin kurakuran da ake tafkawa sun samo asali ne daga tambayarsa abin da ba zai iya amsawa ba. Mutane suna neman lauje kawai: in sun gani su ce sikila ce, in ba su gani ba su ce lafiya lau. Duka hukuncin biyu na iya zama kuskure.

Abin da ya kamata ido ya fara sabawa da shi

Lafiyayyar jar ƙwayar jini kewayayya ce, faɗinta maikiromita 7 zuwa 8, wato in aka jera guda 130 ƙafa da ƙafa da ƙyar su cika milimita ɗaya. Ta fi kauri a gefe, ta lotsa a tsakiya ta fuska biyu, kamar wainar shinkafa da aka danna da babban yatsa sama da ƙasa. Saboda wannan lotsawar, idan aka rina ta aka haska fitila daga ƙasa, tsakiyarta takan fito da haske, kuma hasken bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗinta ba. Ba ta da cibiya, domin ta yar da ita tun tana cikin ɓargo. Abin da ya cika ta shi ne himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin. Tana yin kwana 120 tana zagaya jiki kafin saifa ta kawar da ita.

A jinin mai sikila, himogulobin ɗin ne ya bambanta. Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna haka a 1949, sannan Vernon Ingram ya gano ainihin canjin a 1957: a gurbi na shida na sarƙar da ake kira beta, sinadarin balin ya zauna a mazaunin gulutamik asid. Wannan canji guda ɗaya tak yana sa himogulobin S ya riƙa mannewa da ɗan'uwansa da zarar ya sauke iskar da ya ɗauko, su yi dogayen zaruruwa masu tauri, su miƙar da ƙwayar daga ciki. Idan ta koma huhu ta sha iska, zaruruwan su narke, ta koma kewayayya. Haka za ta yi ta lanƙwashewa tana warwarewa har fatarta ta gaji, ruwa da gishirin fotashiyam su tsiyaye daga cikinta, ta ƙafe a lanƙwashe, ko an ba ta iska ba ta dawowa.

Wannan bayani yana da amfani kai tsaye ga mai kallon hoto. Jinin da aka shimfiɗa a gilashi ya sha iskar ɗaki kafin ya bushe, saboda haka yawancin ƙwayoyin da za su iya warwarewa sun riga sun warware. Laujen da ya rage a hoton, galibi waɗanda suka ƙafe ne. Yawansu ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum: wani mai SS za a ga gilashinsa cike da su, wani sai an yi ta lalube kafin a sami biyu ko uku. Kuma a jikin mutum ɗaya adadin ba ya canzawa sosai tsakanin ranar da yake wasa da ranar da yake birgima don ciwon ƙashi. Don haka ba a ƙirga lauje a hoto a ce ciwo ya tashi, ba a kuma ƙaryata mai kuka don an ga lauje kaɗan. Wannan na biyun zalunci ne da ake yi wa masu sikila, kuma ba shi da wata hujja a ilimin jini.

Kafin hoto, akwai gilashi

Rabin abin da ake gani a hoto an riga an yanke shi tun a kan teburin gwaji. Ana ɗibar jini a kwalba mai murfi shunayya, wadda ke ɗauke da maganin hana daskarewa da aka rubuta wa EDTA, ko kuma a huda yatsa a ɗiga kai tsaye. Ana sa ɗan ƙaramin ɗigo kusa da ƙarshen gilashi mai tsabta, a kawo wani gilashin mai santsin baki a jingina shi a karkace, kimanin digiri 30 zuwa 45, a ja shi baya har ya taɓa ɗigon, a bar jinin ya bi bakinsa, sannan a tura gaba da hannu ɗaya ba tsayawa. Jinin mai ƙarancin jini ya fi tsinkewa, don haka ana ɗan ɗaga kusurwar, in ba haka ba shimfiɗar ta yi tsawo ta zarce bakin gilashi. A bar shi ya bushe da sauri, sannan a rina da ruwan Lishman, wanda metanol ɗin da ke cikinsa ke kafe ƙwayoyin, a ƙara ruwan da aka daidaita tsaminsa a ma'aunin 6.8, a wanke, a tsayar ya tsane.

Shimfiɗar da aka yi daidai tana da kai, da jiki, da wutsiya. A kai, jinin ya yi kauri, ƙwayoyin sun hau juna, ba a gane surar kowa. A can ƙarshen wutsiya kuma sun baje, hasken tsakiyarsu ya ɓace, sai su yi kama da ƙwayoyin wata cuta dabam da ake kira sifirosait. Wurin karatu ɗan siririn yanki ne kafin wutsiya, inda ƙwayoyin ke kusa da juna, suna ɗan taɓawa amma ba su hau juna ba. Hoton da aka ɗauka a wajen wannan yanki, ko da wayar miliyan ɗaya aka ɗauke shi, ba abin dogaro ba ne.

Yanayinmu ma yana sa hannu. Da damina, idan iska ta yi laima, gilashi kan jima bai bushe ba, sai ƙwayoyi su yamutse su fito da ƙananan ƙayoyi a kewayensu. Haka kuma idan metanol ya sha ruwa don an bar kwalbarsa a buɗe, za a ga waɗansu ramuka masu ƙyalli a cikin ƙwayoyin, kamar wani abu ya gaigaye su. Jinin da ya kwana a kwalba, ko ya yi doguwar tafiya a kan babur cikin zafin bazara, shi ma yakan fito da ƙayoyi. Mafi kyau a shimfiɗa cikin awa ɗaya ko biyu da ɗiba. Akwai hanya mai sauƙi ta gane aikin hannu daga aikin cuta: illar shimfiɗa takan kama kusan duk ƙwayoyin wani yanki ta bar wani yankin, kuma idan ƙwayoyi masu jela duk sun juya jelarsu gefe guda, gilashin turawa ne ya ja su. Cuta ba ta jera ƙwayoyi sahu.

Sai a kuma tuna cewa gilashin gwajin zazzaɓin cizon sauro iri biyu ne. Mai kaurin nan, wanda aka fi yi a asibitocinmu, da gangan ake barin jajayen ƙwayoyinsa su fashe a cikin rini domin a ga ƙwayar cutar da kyau. Ba a neman surar jar ƙwaya a cikinsa, don babu ita.

Lauje na gaske da masu kama da shi

Ƙwayar sikila ta gaskiya tana da alamomi uku da ake nema tare: doguwa ce, tana da tsini a ƙarshenta biyu, kuma jikinta ya rinu sosai ba hasken tsakiya, domin ta bushe ta cure. Sau da yawa tana lanƙwashe, amma akwai miƙaƙƙu. Kusa da ita akan ga masu faɗin ciki da tsini biyu, masu siffar kwalekwale. Waɗannan suna sa a yi zargi, amma ba su kai lauje ƙarfin shaida ba, don ana ganinsu a wasu yanayin ma.

Masu ruɗarwa suna da dama. Akwai dogayen ƙwayoyi masu siffar ƙwai da ake gada a wasu zuri'o'i, abin da ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma, kuma yawancin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Ƙarshensu a dunƙule yake, ba tsini, kuma gefensu biyu sun yi daidai da juna. Akwai sirara masu kama da fensir da ake gani a ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ya yi yawa a tsakanin mata masu ciki da yara. Su koɗaɗɗu ne, kuma maƙwabtansu duk ƙanana ne masu faffaɗan haske a tsakiya. Akwai gutsattsarin ƙwayoyi da suka tsage a cikin ƙananan jijiyoyi, masu kusurwa uku ko masu ƙaho biyu. Su ƙanana ne, ba su kai tsawon lauje ba, kuma idan aka gan su tare da ƙarancin filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, to maganar gaggawa ce, musamman ga mai ciki da jininta ya hau ko wanda cuta ta shiga jininsa.

Wanda ya fi kama sababbin ma'aikata a ƙasar sauro shi ne gametosait na falsifaram, wato matakin ƙwayar zazzaɓi da sauro ke zuƙa ya kai wa wani. Shi ma lanƙwasasshe ne, mai siffar ayaba, tsawonsa ya ɗara faɗin jar ƙwaya. A hoto mara kyau, musamman wanda aka ɗauka da ƙaramin idon madubi, sai a rantse lauje ne. Bambancin yana cikin launi da abin da ke ciki. Lauje ja ne bai ɗaya, launinsa irin na sauran jajayen ƙwayoyi, cikinsa babu komai. Gametosait kuwa shuɗi-shuɗi ne ko shunayya, a tsakiyarsa akwai tarin ɗige-ɗige masu duhu, baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa, da ɗan jan tabo. Ba abin mamaki ba ne kuma a sami duka biyun a gilashi ɗaya.

Maƙwabtan lauje sun fi shi magana

Ƙwararre ba ya daɗewa a kan laujen. Da ya tabbatar da shi, sai ya koma kan ƙwayoyin da ke kewaye, domin su ke ba da labarin halin da jiki ke ciki a yau.

Na farko su ne manyan ƙwayoyi masu launin toka-toka da ya ɗan karkata zuwa shuɗi. Waɗannan jarirai ne, ba su daɗe da fitowa daga ɓargo ba. A jinin lafiyayye kaɗan ne, ɗaya ko biyu cikin ɗari. Amma ƙwayar mai SS kwana 10 zuwa 20 kawai take yi, saboda haka ɓargonsa kullum a guje yake, kuma gilashinsa kan cika da waɗannan shuɗaɗɗun, har da waɗanda suka fito da cibiyarsu don gaggawa. Na biyu shi ne wani ɗigo guda, kewayayye, shunayya mai duhu, a cikin jar ƙwaya, wanda ake kira da sunan Howell da Jolly. Ragowar cibiya ce da saifa ya kamata ta cire. Ganinsa na nuna saifa ta daina aikinta, abin da kan faru da mai SS tun yana ƙaramin yaro, kuma shi ne dalilin da ya sa ake ba yaran fenisilin kullum da rigakafin cutar nimoniya. Na uku su ne ƙwayoyi masu ɗigon ja a tsakiyar haskensu, zobe cikin zobe, waɗanda ma'aikata ke kira taget.

Yawan taget yana da nasa labarin. Idan gilashi ya cika da su, lauje na gaske ya yi wuyar samu, sai masu siffar kwalekwale da waɗansu naɗaɗɗu masu duhu da kusurwoyi, hankali kan tafi ga SC. Himogulobin C canji ne a wannan gurbi na shida, sai dai laisin ne ya zauna a wurin. Ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, ana kuma samunsa sosai a ƙasar Yarbawa, don haka ma'aikacin da ke duba jinin mutanen zango a Kumasi ko Tamale zai fi na Katsina yawan cin karo da shi. Mai SC jininsa bai cika yin ƙasa kamar na mai SS ba, har wasu su girma ba a gane ba, amma cutar na iya taɓa masa ido da ƙashin ƙugu. Idan kuma ga lauje ga taget, amma ƙwayoyin duk ƙanana ne koɗaɗɗu, to ko dai akwai ƙarancin ƙarfe, ko an haɗa S da talasimiya.

Wata alama da ta cancanci a sani ita ce ƙwayar da ta yi kamar an gatsa gefenta, ko wadda himogulobin ɗinta ya koma gefe guda ya bar fanko a ɗaya gefen. Wannan kan bayyana ga masu ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yi yawa a tsakanin maza a yankinmu, bayan sun sha magani irin firimakwin, ko jariri ya sha ƙamshin kafur da aka sa a kayansa. Mai sikila ma yana iya haɗa wannan da sikilarsa.

Mu bi hoto ɗaya daki-daki

Mu ƙaddara yarinya ce 'yar shekara biyar, an san tana da SS, himogulobin ɗinta ya saba zama giram 8 a kowace desilita. An kawo ta asibitin ƙauye ta yi fari fat, tana haki, bayan ɗan zazzaɓi na kwanaki. Ba ta kukan ƙashi, idonta ma bai kai yadda ya saba rawaya ba. An auna, an sami giram 4. Ma'aikacin ya shimfiɗa jini, ya turo hotuna.

Mai karatu zai fara da tambayar ko hoton ya karantu. Ƙwayoyin suna kusa da juna ba su hau juna ba, babu ƙayoyi, babu ramuka masu ƙyalli. To, an ɗauka a wurin da ya dace. Sai ya nemi farar ƙwayar jini a cikin hoton, domin ita ce ma'auninsa ta fuska biyu. Cibiyar ƙaramar limfosait kusan girmanta ɗaya da lafiyayyar jar ƙwaya, don haka da ita ake gane ko jajayen sun ƙanƙance ko sun girma, tunda hoton waya ba shi da ma'auni kuma kowa na iya zuƙo shi. Launin cibiyar kuma yana nuna ko rinin ya kama: in ta fito shunayya sosai, an rina daidai.

A cikin ƙwayoyi kamar ɗari da ke fili ɗaya, ya ga lauje bakwai ko takwas, taget kaɗan, ɗigon Howell da Jolly a ƙwaya biyu. Duk wannan tsohon labari ne, an san shi tun kafin yau. Sabon labarin shi ne abin da babu. Babu shuɗaɗɗun jarirai ko ɗaya, babu mai cibiya. Ya duba hoto na biyu da na uku, haka. Yarinyar da jininta ya faɗi rabi, ya kamata a ce ɓargonta na turo jarirai ba ƙaƙƙautawa. Shirun nan yana nuna masana'antar ce ta tsaya.

Sanannen mai yin wannan aika-aika wani bairos ne da ake kira farbo B19, wanda ke kashe ƙwayoyin da ke haifar da jajayen ƙwayoyi a ɓargo na tsawon mako ɗaya zuwa kwana goma. Lissafin a fili yake. Lafiyayyen yaro yana rasa ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwayoyinsa a rana, don haka in ɓargo ya huta kwana goma, abin da zai rasa bai kai kashi goma ba, ba wanda zai lura. Mai SS kuwa yana rasa kashi biyar zuwa goma a kowace rana. A kwana goma ba tare da mayewa ba, rabin jininsa ya tafi: takwas ta koma huɗu.

Da a ce hoton ya nuna shuɗaɗɗu birjik da masu cibiya, da lissafin ya juya. Ɓargo na aiki ke nan, jinin ne ke tafiya wani wuri: ko saifa ta kumbura ta tare shi, ko yana fashewa fiye da kima saboda zazzaɓin cizon sauro ko wani magani. Shi ya sa amsar ƙwararren ba za ta tsaya a kan hoton ba. Zai ce a taɓa cikin yarinyar ta hagu a ji ko saifa ta sauko, domin ɗigon Howell da Jolly yana nuna ta daina tacewa ne kawai, bai hana a same ta a kumbure ba. Zai ce a duba gilashi mai kauri don zazzaɓi. Zai kuma ce a ƙirga retik, wato a haɗa jini da wani shuɗin rini na musamman tun ƙwayoyin suna da rai, a ƙirga jarirai cikin ƙwayoyi dubu. Mai SS ya saba da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. In aka sami ƙasa da kashi ɗaya, magana ta tabbata.

Me ya sa sai an yi wannan ƙirgar, bayan ga hoto? Saboda shuɗin jarirai launi ne mai rauni, kuma shi ne abu na farko da ke ɓacewa a hanya. In ruwan rini ya yi tsami fiye da kima, komai sai ya koma ja-ja. Fitilar madubi mai rawaya tana canza launi, wayar ma tana gyara launi da kanta ba tare da ta yi shawara da kowa ba, sannan manhajar aika saƙo ta matse hoton. Ana iya rasa shuɗi a hoto alhali yana nan a gilashi. Amma yarinya mai giram 4 tana haki ba ta jiran a gama muhawara: ƙarin jini take buƙata, kuma a ɗebi duk samfurin gwaji kafin a ɗaura mata leda. Idan ɓargo ya farfaɗo bayan kwanaki, gilashinta zai cika da jarirai da masu cibiya. In tana da ƙane ko wa mai SS a gida, a sa masa ido, don bairos ɗin na yaɗuwa, a kuma nisanta ta da masu juna biyu.

Abin da hoto ba zai taɓa yankewa ba

A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na jinotayif. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa kusan kashi 24 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ɗauke da S guda, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara. Inda takardar gwaji ke iya ɗaura aure ko ta warware baiko, dole a san wane gwaji ke faɗin me.

Mai AS, gilashinsa da aka rina lafiya lau yake fitowa. Ba lauje, ba taget, ba komai. Duk wanda ya duba irin wannan hoto ya ce wa saurayi "kai AA ne" ya faɗi abin da bai sani ba. A ɗaya gefen kuma akwai wani gwaji dabam da ake yi da ɗanyen jini: a haɗa ɗigo da ruwan sodiyam metabaisalfait mai ƙarfin kashi biyu cikin ɗari, a rufe da siririn gilashi, a toshe gefuna da man basilin don kada iska ta shiga. Maganin yana zuƙe iskar, sai duk ƙwayar da ke da S ta lanƙwashe, ta mai AS da ta mai SS baki ɗaya. Hoton wannan gwaji yana da ban tsoro, fili cike da lauje, kuma an sha tayar wa masu AS hankali da shi. Ana gane shi da cewa ba rini: ƙwayoyin koɗaɗɗu ne, suna iyo a ruwa, kusan dukkansu sun lanƙwashe, da yawa da tsinaye barkatai. Abin da yake faɗi kawai shi ne akwai S. Kuma in ruwan maganin ba sabon haɗi ba ne na ranar, ko iska ta sami kafa, yana iya cewa babu alhali akwai.

Har mai SS ɗin ma gilashinsa na iya ɓoye shi. Jariri kafin wata shida yana da sauran himogulobin F na cikin ciki, wanda ke hana zaruruwan haɗuwa, don haka da wuya a ga lauje. Wanda aka ƙara wa jini, ƙwayoyin mai bayarwa za su cakuɗa da nasa har kusan wata uku, a wannan lokacin ko gwajin jinotayif na iya nuna shi kamar AS. Mai shan haidiroksiyuriya kuma ƙwayoyinsa kan yi girma, lauje ya ragu, wannan alama ce ta magani na aiki, ba ta warkewa ba.

Hukuncin jinotayif na gwajin da ke rarrabe himogulobin ne, wato elektiroforesis, ko na'urar HPLC inda ake da ita. Su ma gilashi na taimaka musu. A elektiroforesis da aka fi yi a nan, akwai waɗansu nau'o'in himogulobin, D da G, da ke tsayawa daidai inda S ke tsayawa, kuma mai S haɗe da wata irin talasimiya yana fitowa tamkar SS. Idan takarda ta ce AA ko AS amma gilashi ya nuna lauje na gaske da ɗigon Howell da Jolly, ko ta ce SS ga babban mutum mai cikakken jini da gilashi mai tsabta, kada a zaɓi wanda ya fi daɗin ji. A sake ɗibar jini, a sake gwaji, a tambayi tarihin ƙarin jini.

Ga masu turo hotuna, roƙon kaɗan ne. Fili ɗaya a babban idon madubi ƙwayoyi ɗari ko ɗari biyu ne kawai, cikin miliyoyin da ke ɗigo guda, kuma hannu kan kai kyamara inda abin mamaki yake. Ku ɗauki fili biyar ko fiye daga yankin karatu, ba waɗanda suka fi ban tsoro kaɗai ba. Ku haɗa da guda a ido mai lamba 40 don a ga yanayin shimfiɗar, sauran a mai lamba 100 da ɗigon mai, kuma a sami farar ƙwaya a ciki. Ku goge idon madubi da na waya, ku kashe filasha, ku aika hoton a matsayin fayil don kada a matse shi. Ku rubuta shekarun mara lafiya, da awon himogulobin, da magungunan da yake sha, da ranar da aka yi masa ƙarin jini na ƙarshe, amma ku cire sunansa. Gilashin kuma ku rubuta masa lamba ku adana, domin in aka yi saɓani a kan hoto, shi za a koma a ɗora a madubi.